Idan Gindin Alobera Ya Fara Ruɓewa

 Yau tsakar gida za mu leƙa, wajen tukunyar aloberar nan da kike yanka lokaci-lokaci don gyaran gashi da fata.

Alobera shuka ce da kowa ke cewa ba ta mutuwa, amma tana da kisa guda ɗaya mai sauƙi, kuma kusan duk wadda ta taɓa rasa tata ta wannan hanyar ta rasa ta. Za ki wayi gari ki ga ganyen ƙasa ya kwanta a bakin tukunya. Ki taɓa inda ya haɗu da gindi, ki ji ya yi laushi kamar dafaffiyar kabewa, launinsa ya koma ruwan ƙasa, wani lokaci har da yauƙi da wari. Ki ɗan ja shi, ya biyo hannunki ba gardama. Bayan kwana uku na kusa da shi ma ya bi sahu, shukar kanta ta fara karkata gefe guda.

Wannan ruɓa ce, kuma ganye ne wurin ƙarshe da take bayyana. Kafin ki gan ta a sama ta jima tana aiki a cikin ƙasa.

Kafin ki tsorata, ki tabbata ruɓar ce

Ba duk canjin launi ne ciwo ba. Ganyen da ya fi tsufa, wanda ke can ƙasa, yakan bushe a hankali tun daga tsini, ya yi ƙamas kamar takarda. Wannan tsufa ne kawai, shukar ce ke janye ruwan cikinsa ta kai wa sababbi. Haka nan idan kika fito da alobera daga inuwa kika ajiye ta a ranar bazara, duk jikinta kan yi ja-ja ko ruwan ƙasa, amma in kin matsa ganyen za ki ji shi da ƙarfi. Wannan ma ba ruɓa ba ce, in kin mayar da ita inuwa launin zai dawo.

Hannu ne alƙali a nan. Abin da ya bushe ko ya yi tauri, ki kwantar da hankalinki. Abin da ya yi laushi, ya jiƙe, kina iya hango ruwa a cikinsa, kuma daga gindi ya faro yana hawa sama, shi ne wanda ba ya jiran gobe.

Abin da ke faruwa a cikin tukunya

Asalin alobera daga yankin Larabawa take, ƙasa mai duwatsu inda ruwan sama ke sauka ya wuce nan da nan, sannan a daɗe ba a ga wani ba. Allah Ya hore mata randa a jikinta: wannan farin yauƙin da kike kankarowa kusan duk ruwa ne, fiye da kashi 98 cikin 100. Ba ta ma buɗe ƙofofin numfashin ganyenta sai da dare, don kada rana ta ƙwace mata ruwa. Shukar da ke da irin wannan tattalin ba ta shan ruwa kamar alayyafo ko tumatir. Abin da kika zuba mata jiya yana nan a cikin ƙasa yau, kuma yana nan jibi.

Su kuma saiwoyi numfashi suke yi. Tsakanin ƙwayoyin ƙasa akwai 'yan ƙananan gurabu da iska ke zama, da ita saiwa ke rayuwa. Idan ruwa ya cike gurabun nan na awa biyu ko uku sannan ya tsiyaye, babu abin da zai faru. Idan ya zauna kwana da kwanaki, saiwar ta shaƙe ke nan, bakinta ya mutu. Da ma akwai fumfuna da ƙwayoyin cuta a cikin kowace ƙasa, ba su da ƙarfin shiga lafiyayyar saiwa, amma matacciya ƙofa ce a buɗe. Daga saiwa su hau kututture, daga kututture su shiga gindin ganye, inda suka tarar da ruwa da abinci a tare. Warin da kike ji aikinsu ne.

Don haka abin lura shi ne tsawon lokacin da ƙasa ke ɗauka a jiƙe, ya fi yawan ruwan da kika zuba muhimmanci. Bokiti guda a kan ƙasa mai yashi a tukunya mai huda ba zai yi mata komai ba. Rabin kofi kullum safiya a kan laka zai kashe ta.

Akwai wani tarko a nan da ke kama mata masu kula. Da zarar saiwoyi sun mutu, shukar ba ta iya jan ruwa ko da a cikin ruwa take zaune. Sai ganyen sama su fara sirancewa, su lanƙwashe, su yi kamar ƙishirwa ke damun su. Uwa mai tausayi ta ga haka sai ta ƙara ruwa. Duk ranar da kika ga alobera tana kama da mai ƙishirwa alhali ƙasarta a jiƙe take, ki ajiye butar, saiwa ce ta tafi.

A gidajenmu, abubuwan da ke hana ƙasa bushewa sanannu ne. Na farko mazubi. Yawancinmu a bokitin fenti ko tsohuwar roba muke shuka, wata an huda ta da ƙusa sau ɗaya, wata ko hudar babu. In ma akwai huda, an ajiye ta daram a kan siminti, bakin hudar ya toshe. Na biyu ƙasar kanta: an ɗebo ta daga lambu ko bakin rafi, baƙa mai danƙo, an haɗa da takin awaki saboda a ganinmu gata ne. Wannan haɗin ya dace da yakuwa, amma ga alobera soso ne.

Sai kuma wurin da aka ajiye ta, wanda a ganina ya fi kashe alobera fiye da komai. Tukunya a ƙarƙashin indararo. Tukunya kusa da inda maigida da yara ke alwala, kowa ya gama ya juye ragowar buta a ciki don kada ruwa ya tafi a banza, sau biyar a rana. Tukunya a gefen wurin wanke-wanke. Ga kuma 'yar autarki da aka koya mata a makaranta cewa shuka na son ruwa, ta ɗauki abin a matsayin aikinta. Ke kina rantsuwa sau ɗaya a mako kike ba ta ruwa, kuma gaskiya kika faɗa, sai dai ba ke kaɗai ke ba ta ba.

Akwai kuma binnewa da zurfi. Idan ƙasa ta rufe farin wurin nan da ganye ke haɗuwa da kututture, laima za ta riƙa kwana a jikinsa, ruɓa ta fara daga nan ko da saiwoyin lafiya lau suke.

Mu ceto guda ɗaya tare

Mu ɗauka taki ce. Tana cikin bokitin fenti mai huda ɗaya, watan Agusta ne, an yi kwana huɗu ana ruwa, kuma tana da ganye 12. Uku na ƙasa sun narke, na huɗu ya fara laushi a gindi, in kin girgiza ta tana motsi kamar haƙorin yaro.

Abin da zuciya ke fara raya miki shi ne ki daina ba ta ruwa, ki kai ta rana ta bushe. In da ƙasa ce kawai ta jiƙe kuma ganye bai taɓu ba, hakan zai wadatar. Amma tunda gindi ya yi laushi, jira asara ce. Ƙasar da ke cikin roba a damina tana iya yin mako biyu ba ta bushe ba, ita kuwa ruɓa cikin 'yan kwanaki take cin kututture. Yau za ki fito da ita.

Kafin ki taɓa komai, ki kama ƙananan ganyen tsakiya, waɗanda suka fito kwanan nan, ki ɗan ja su a hankali. Idan sun tsaya da ƙarfi, akwai rai, mu ci gaba. Idan sun zare sun biyo hannunki da baƙin gindi, zuciyar shukar ta mutu, domin daga nan ne kaɗai sabon ganye ke fitowa. Zan dawo kan wannan.

Ki kwantar da bokitin a gefe, ki bubbuga shi, ki zaro shukar da ƙasarta gaba ɗaya. Kada ki finciko ta ta ganye, ruɓaɓɓen kututture zai tsinke a hannunki. Ki karkaɗe ƙasar da yatsu har saiwoyi su fito fili, in laka ce ta manne ki ɗauraye ta sau ɗaya. Lafiyayyar saiwar alobera kaurinta kamar taliya ne, launinta rawaya-rawaya ko ruwan ƙasa mai haske, kuma tana da ƙarfi. Matacciya baƙa ce, in kin murza ta tsakanin yatsu fatar za ta saɓule ta bar miki wani siririn zare. Duk wadda ta yi haka ki yanke ta daga tushe.

Wuƙar da za ki yi aiki da ita ta zama mai kaifi, ki goge bakinta da sifirit, in babu ki gasa shi a wuta ki bari ya huce. Ki maimaita hakan duk lokacin da kika yanka ruɓaɓɓen wuri kafin ki taɓa mai kyau, in ba haka ba da hannunki za ki kai cutar inda ba ta je ba.

Yanzu ki cire ganyen nan uku da suka narke. Kowane ganyen alobera yana rungume da kututture kamar ɓawon albasa, don haka ki ɗan tsaga gefensa ki zagayo da shi, zai fita tsaf ba tare da ya bar guntu ba. Na huɗun nan mai ɗan laushi shi ma ki cire, kada ki ji tausayinsa. Ki ci gaba har sai kin kai ganyen da gindinsa fari ne tas kuma da ƙarfi. A tamu, bari mu ce mun tsaya da ganye 7.

Ga kututturen nan ya bayyana, kuma a nan ne ake yin kuskuren da ke mayar da aiki baya. Ki matsa shi da babban yatsa. Idan da ƙarfi yake tun daga sama har ƙasa, kuma akwai ragowar saiwoyi masu kyau ko da uku ne, kin yi sa'a, ba sai kin yanka shi ba. Idan ƙasansa ya yi laushi, sai yanka. Ki fara daga ƙasa, kina yanka shi sirara-sirara kamar kina yanka karas, kina duba fuskar kowane yanka. Na farko baƙi ne. Na biyu ruwan ƙasa. Na uku ya yi haske, amma in kin duba da kyau akwai ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa ko wani zobe a ciki. Yawancin mata a nan suke tsayawa, saboda suna ganin kututturen yana ƙarewa. Waɗannan ɗigon hanyoyin ruwan shukar ne da cuta ta riga ta bi, in kin bar su bayan mako biyu za ki sake tarar da laushi. Ki ci gaba sai fuskar ta fito launi ɗaya, fari ko rawaya mai haske, babu tabo, babu wari. Sannan ki goge wuƙa ki ƙara yanka ɗaya.

Abin da ya rage a hannunki zai ba ki tausayi: kan shuka da ganye 7, da guntun kututture da bai fi gaɓar yatsa ba, babu saiwa ko ɗaya. Ya isa. Daga jikin wannan guntun sababbin saiwoyi za su fito. In kin ga ya yi gajarta sosai, ki ƙara cire ganye ɗaya ko biyu na ƙasa don kututturen ya ƙara fitowa.

Sai shanya. Wannan matakin ne ya fi wa mutane wuya, domin ajiye shuka ba ƙasa ba ruwa yana kama da kisa. Ki samu wuri mai inuwa da iska ke ratsawa, kamar kan taga ko baranda inda feshin ruwan sama ba ya kaiwa, ki jingine ta yadda wurin yankan ba ya taɓa komai. So ake ciwon ya bushe ya yi ɓawo, kamar yadda cibiyar jariri ke bushewa. A rani kwana 3 zuwa 5 sun isa. A watan Agusta da iska ke cike da laima, ki ba ta mako guda, ko kwana 10. Kada ki ƙirga kwanaki kawai, ki taɓa: in wurin ya bushe ƙayau, ya ɗan yi tauri, ba ya manne wa yatsa, ya yi. In kin ga baƙi ya sake ɓullowa a wurin, ki sake yanka ki fara lissafi daga farko.

Wasu na barbaɗa toka, ko garin gawayi, ko kirfa a kan yankan. Ba laifi, suna taimaka wa wurin ya bushe da wuri. Amma ba sa warkar da ruɓar da aka bari a ciki, kuma wadda ta yanka da kyau ta shanya da kyau ba ta buƙatar su.

Ganyen da suka narke da tsohuwar ƙasar, ki zubar da su a shara, nesa da sauran tukwane. Kada ki ce bari ki kankare saman ganyen da ya fara ruɓa ki shafa, ballantana a jikin yaro. Wanda kika cire lafiyayye don ƙara tsawon kututture, wannan kam ki yi amfaninki da shi.

Sabon gida

Yayin da take shan iska, ki shirya mazubi. In da hali, tukunyar ƙasa ta fi, irin wadda ba a shafe ta da fenti ba, domin jikinta na fitar da laima kamar yadda randa ke yi. A huda ƙasanta huda mai faɗin da yatsa zai shiga. In robar ce dai a hannu, ki wanke ta da sabulu, ki shanya ta a rana, ki ƙona ƙusa babba ki yi mata huda biyar ko shida, sannan ki ɗora ta a kan duwatsu uku kamar murhu don ruwa ya samu hanyar fita.

Kada mazubin ya yi girma. Shukar da ba ta da saiwa ba ta shan komai, duk ƙasar da ke kewaye da ita ma'ajiyar laima ce kawai. Wanda faɗinsa bai wuce tafin hannunki a buɗe ba ya ishi wannan tamu.

Haɗin ƙasa kuwa, ki auna da gwangwani ɗaya: biyu na yashi mai kaushi, ɗaya na ƙasar lambu, ɗaya na gawayi ko fasasshiyar tukunya da aka daddaka kamar girman wake. Yashin nan a kula da shi. Mai tsakuwa-tsakuwa ake so, irin wanda ake buga bulo da shi. Mai laushin nan kamar gari, in ya haɗu da laka sai ya daskare ya fi da muni. Taki kuma a bar shi tukuna. Ki gwada haɗin: ki ɗan jiƙa shi ki dunƙule a hannu, in kin buɗe ya wargaje, ya yi. In ya zauna kamar curin fura, ki ƙara yashi.

Za ki ji ana cewa a zuba tsakuwa a ƙasan mazubin da ba shi da huda, wai ruwa zai taru a can. Zai taru kam, amma ba shi da inda za shi, kuma ƙasar da ke samansa za ta riƙa tsotso shi. Tsakuwa ba ta maye gurbin huda.

Ki zuba haɗin a bushe. Ki dasa guntun kututturen kawai, gindin ganye ya zauna a saman ƙasa, ba a cikinta ba. Tunda ba ta da abin riƙewa, ki tokare ta da duwatsu biyu ko uku. Ki ajiye ta a wuri mai haske amma ba rana kai tsaye ba, kuma inda ruwan sama ba ya sauka.

Idan da ragowar saiwoyinta kika dasa ta, ki jira mako guda kafin ruwan farko. Idan babu saiwa, irin tamu, ki yi mako biyu zuwa uku ba ki ba ta ko ɗigo ba. Ganyen za su sirance, na ƙasa ɗaya ko biyu su bushe, launin ya dusashe. Daga randarta take ci, abin da aka yi randar dominsa ke nan. Bayan haka ki ɗan zuba ruwa kaɗan a gefen tukunya, nesa da kututture, ki bari ya bushe sarai kafin ki sake. Tsakanin mako 3 zuwa 6 saiwa kan fito. Ki riƙe ta ki ɗan ɗaga a hankali, in kin ji ƙasa ta riƙe ta, ta kama. Kada ki riƙa tone ta kina leƙawa. Alama ta biyu ita ce tsakiyarta za ta yi kore shar, sabon tsini ya leƙo. Daga nan ki riƙa matsar da ita wajen rana kaɗan-kaɗan, ki fara da ta safe.

In kuwa tun farko ganyen tsakiya sun zare, ko kin yi ta yanka har kin kai cikin ganye ba ki samu wuri mai tsabta ba, uwar ta tafi. Ki duba gefenta. Alobera na fitar da 'ya'ya daga gindi, kuma sau da yawa ruɓa ba ta kai gare su ba. Duk ɗan da ya kai tsawon yatsa, musamman mai 'yar saiwarsa, ki raba shi da uwar da wuƙa mai tsabta, ki duba wurin yankan babu tabo, ki shanya shi kwana biyu ko uku, ki dasa a ƙaramin mazubi. Abin da ba zan ba ki shawara ba shi ne dasa ganye. Ana yawan nuna shi a bidiyo, amma ganyen alobera shi kaɗai, ba tare da guntun kututture ba, kusan kullum ruɓewa yake yi. In babu 'ya'ya, ki roƙi maƙwabciya, duk mai tsohuwar tukunya tana da waɗanda suka yi mata yawa.

Yaushe za ki ba ta ruwa?

Tambayar da kowa ke so a amsa da rana ɗaya, a ce duk Juma'a. Ba zai yiwu ba, domin tukunyar da ke bushewa cikin kwana huɗu a Afrilu tana yin mako biyu a jiƙe a Agusta. Ƙasar za ki tambaya.

Ki samu tsinken tsire ko wani siririn busasshen kara, ki soka shi a gefen tukunya har ƙasa, ki bar shi minti biyu, ki zaro. In ya fito da duhu, ko da sanyi, ko ƙasa ta manne masa, ba yau ba. In ya fito a bushe tas kamar yadda ya shiga, lokaci ya yi. Kallon saman ƙasa yaudara ne, musamman da hunturu, saman kan bushe cikin awa guda alhali can ciki a jiƙe yake. In kina kokwanto, ki ƙara kwana uku. Alobera mai ƙishirwa tana murmurewa cikin 'yan kwanaki da shan ruwa, wadda ta ruɓe kuwa kin ga aikin da ta ja mana.

Ranar da za ki ba ta, ki ba ta sosai. Ki zuba a kan ƙasa, kina zagayawa, har ruwa ya fito ta huda. Yayyafin kullum ba ya kai wa saiwoyin ƙasa, wuyan shukar kawai yake jiƙawa, wato daidai inda ba a so. Kada ki zuba a tsakiyar ganye inda ruwa ke taruwa kamar a ƙoƙo, kuma da safe ya fi, don abin da ya fantsama ya bushe kafin dare. In akwai faranti a ƙarƙashi, ki zubar da abin da ya taru bayan 'yan mintuna. Ruwan wanki da na wanke-wanke kuma a kai su wani wuri, sabulu da gishirin da ke ciki taruwa suke a tukunya.

Don ki samu abin kamawa, ga yadda abin kan kasance a tukunyar ƙasa mai haɗin da muka yi, a tsakar gida a wuri irin Kano, Katsina ko Maraɗi. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, tsinken kan fito a bushe duk kwana 7 zuwa 10. Da hunturu iska a bushe take, amma sanyi na rage wa shukar sha, sai ki ga mako biyu zuwa uku ne. A wuri mai sanyi irin Jos ma ya fi haka, kuma sanyi da jiƙaƙƙiyar ƙasa in sun haɗu ruɓa ta fi saurin zuwa.

Da damina kuwa aikinki ya juya, ya koma na kare ta daga ruwa. Daga Yuli zuwa Satumba ki janye tukunyar zuwa ƙarƙashin rumfa ko baranda, inda take samun haske amma ruwa ba ya dukan ta. Ruwan sama guda ɗaya ba ya cutar da ita, jerin kwanakin marka ne matsalar. A ƙarƙashin rumfa kina iya yin wata guda tsinken bai ba ki izini ba. 'Yan uwa da ke zaune a Legas ko Kumasi, inda laima ke daɗewa, wannan shi ne halinku a yawancin shekara. Wadda ta shuka tata a ƙasa ba a tukunya ba, ta yi mata ɗan tudu kamar kunyar dankali, don ruwa ya gangare ya bar gindin.

Wadda ke cikin falo ita ce ta fi shiga haɗari. Babu rana, babu iska, yawanci kuma a cikin kyakkyawan mazubin ado marar huda. Irin wannan tana iya yin mako uku zuwa wata ba ta nemi ruwa ba a kowane lokaci na shekara. Ki dasa ta a mazubi mai huda ki saka shi cikin na adon, ranar ban ruwa ki fito da ita waje ta tsiyaye kafin ki mayar. Ki kuma matsar da ita bakin tagar da ta fi haske, domin a lungu mai duhu ganyen kan yi tsawo su yi rauni, ƙasar kuma ba ta bushewa.

Ita kanta shukar tana faɗa miki in ƙishirwar gaske ce. Ganyen da ya ƙoshi a cike yake, in kin matsa ba ya lotsawa. Mai ƙishirwa yana yin siriri, gefunansa su naɗo ciki kamar kwalekwale, kuma tsinke ya fito a bushe. Sai alamun biyu sun haɗu sannan za ki ɗauko buta.

Magana ta ƙarshe ta mutanen gida ce. A tsayar da mutum ɗaya mai ba ta ruwa, sauran kowa ya sani. In 'yar autar ta dage, ki ba ta aikin tsinke, ita ce za ta riƙa sokawa tana kawo miki rahoto, sannan ki shuka mata wake ko masara a gwangwani ta riƙa shayarwa kullum. In kuma tafiya ta kama ki, ko ta wata guda ce, ki ba aloberar ruwa sosai idan ƙasarta a bushe take, ki matsar da ita inuwa mai haske inda ruwan sama ba ya kaiwa, kada ki bar wa kowa sallahunta.